Kason zuwan yaro a rajista: da me ake rabawa?

*"Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. An ba ni aji huɗu a wata firamare a nan cikin garin Sakkwato, yara 40. Hedimasta yana son jimillar zuwan kowane yaro a ƙarshen wata, da kasonsa cikin ɗari. Na zuba sunayen a Excel, amma yarinyar da aka kawo mana a tsakiyar wata ta fito da kashi 59, alhali sau ɗaya kawai ta yi fashi. Ina matsalar take?"*

Wa'alaikumus salam, Malama. Lissafinki na tarawa daidai yake, abin da kika raba da shi ne ya cuci yarinyar. Kin raba zuwanta da duk kwanakin da aka buɗe makaranta a watan, har da waɗanda sunanta bai ma shiga rajista ba. Na daɗe ina riƙe da rajista, daga baya kuma ina duba ta sauran malamai kafin hedimasta ya sa hannu, kuma a nan na fi ganin ana tuntuɓe.

Bari mu ɗauki Oktoban 2024 mu yi aikin da shi, tunda lambobinsa za su fito da irin naki. Watan ya kama ranar Talata, ya ƙare ranar Alhamis. In kika ƙirga Litinin zuwa Juma'a za ki samu kwana 23. Ranar 1 ga wata hutun samun 'yancin kai ne, saura 22, in dai ba a yi hutun tsakiyar zango ba ko wani abu ya sa aka rufe makaranta. Wannan 22 ɗin ita ce abin rabawa ga duk yaron da aka fara watan da shi.

To amma yarinyar da aka rubuta ranar Litinin 14 ga wata fa? Daga ranar zuwa ƙarshen wata akwai kwana biyar, da wasu biyar, da huɗu, wato 14. Ta zo 13. In kika raba 13 da 22 za ki samu kashi 59, wanda duk ya gani zai ce wannan ba ta son karatu, wataƙila har a aika a kira mahaifinta. In kika raba 13 da 14 kuwa, kashi 92.9 ne. Yarinya ce mai ƙwazo ƙwarai. Saboda haka kowane yaro yana da nasa abin rabawa: kwanakin da aka buɗe makaranta alhali sunansa yana cikin rajista. Haka za ki yi wa wanda aka yi wa canjin makaranta kafin wata ya ƙare, kwanakinsa sun tsaya a ranar da aka cire shi a hukumance.

Ga yadda nake tsara teburin don ya riƙa yin wannan da kansa. Layin tsaye na A lambar yaro, B suna, C namiji ko mace. Daga D zuwa Z kwanakin makaranta ne, guda 23 cif, har da ranar hutun, amma ban da Asabar da Lahadi. Yara 40 za su kama daga layi na 5 zuwa na 44. A kowane gida abu huɗu kawai nake yarda a rubuta. Wanda ya zo 1, wanda bai zo ba 0, ranar da ba a buɗe makaranta ba H tun daga sama har ƙasa, kwanakin da yaro bai shiga rajista ba ko ya riga ya fita kuma X.

Dalilin haɗa lamba da harafi shi ne, COUNT lambobi kaɗai yake ƙirgawa, ba ruwansa da haruffa. Kenan zai ƙirga 1 da 0, ya tsallake H da X, ya ba ki kwanakin da suka wajaba a kan yaron. Ki sa waɗannan a layi na 5, na farko a AA, na biyu a AB, na uku a AC, sai ki ja su ƙasa har layi na 44:

```
=SUM(D5:Z5)
=COUNT(D5:Z5)
=IF(AB5=0,"",ROUND(AA5/AB5*100,1))
```

AA kwanakin da ya zo, AB kwanakin da ya kamata ya zo, AC kasonsa. Yarinyarki za ta samu H a ranar 1 ga wata, X a kwana takwas da suka biyo baya, sannan lambobi. AB ɗinta zai nuna 14 ba tare da kin taɓa komai ba.

Sai dai tsarin nan yana da rauni guda, kuma ina so ki kula da shi sosai. Gidan da aka bari babu komai, COUNT ba ya ƙirga shi. In malami ya saba sa 1 ga waɗanda suka zo ya bar na marasa zuwa fayau, kowa a ajin zai fito da kashi 100, har wanda sau uku aka ga ƙeyarsa a wata. Haka kuma in aka buga harafin O a madadin sifiri, wanda yake yawan faruwa ga masu cikawa ta waya: a ido kamar daidai ne, amma fashin ya ɓace daga lissafi. Ana gane wannan da ido, domin lamba tana jingina a gefen dama na gida, harafi kuma a hagu, in ba a canza saitin ba. Hanyar da ta fi sauri ita ce ki bi AB da kallo daga sama zuwa ƙasa. Duk yaron da ya yi watan gaba ɗaya dole ki ga 22 a gabansa. Kika ga 21 ko 20 ga wanda ba sabo ba ne, akwai gidan da ya lalace a layinsa. Ni ina ƙara wannan a AD, kuma sai ya nuna sifiri ga kowa nake buga takardar:

```
=COUNTBLANK(D5:Z5)
```

Za ki ce to littafin rajista na makaranta ai sau biyu ake kiran suna, safe da rana. Haka ne, kuma kada ki yar da littafin don kin samu kwamfuta, shi masu duba makarantu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma za su ce a kawo. A littafi, kwana 22 buɗewa 44 ce. A teburin kuwa, wanda ya zo da safe ya sulale bayan tara, ki sa masa 0.5, wannan ne kaɗai ƙari a kan abu huɗun da na faɗa. Lissafin ɗaya ne: wanda ya amsa suna sau 39 cikin 44 shi ne mai kwana 19.5 cikin 22, duka kashi 88.6. Abin da ba a yi shi ne a ɗauko jimilla daga littafi a raba ta da 22, daga nan ne ake ganin yaro da kashi 177.

Wani tarkon na littafin shi ne mako-mako aka tsara shi, wata kuwa bai san mako ba. Makon ƙarshe na Oktoban nan ya fara Litinin 28, Juma'arsa kuma ta faɗa 1 ga Nuwamba. Wanda ya kwashi jimillar mako biyar ya tara ya shigo da wannan Juma'ar cikin Oktoba ke nan, ya kuma shigo da Litinin 30 ga Satumba ta makon farko. Ni da jan biro nake ja layi a tsaye daidai inda wata ya ƙare. Kafin na kwafe komai kuma sai na tara jimillar kowace rana ta ƙasan shafi, na tara jimillar yara ta gefe, in ba su zo ɗaya ba na san akwai inda aka yi kuskuren ƙirga. A Excel kullum za su zo ɗaya, don haka can ki gwada jimillar ranar da rabin ta littafin, tunda shi safe da rana yake ƙirgawa.

Maganar mai rashin lafiya, a nan muna saɓawa da wasu abokan aiki. A ƙarshen damina zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara sosai, uwa ta aiko a ce yaro ba shi da lafiya, sai malami ya ji tausayi ya sa masa ya zo. Ban yarda da wannan ba. Rajista shaida ce ta wanda yake cikin aji a wannan ranar, kuma akwai ranar da za a buƙaci shaidar da gaske, misali yaro ya ɓata a tambayi ko ya iso makaranta. Ki sa masa 0, ki rubuta dalili a layin bayani na ƙarshe. Kada kuma ki sa masa X don ki kare kasonsa, X na wanda ba ya cikin rajista ne kawai. Mai makara ya zo, 1 ne, sai dai in makarantarku tana da ƙa'idar lokacin rufe rajista, sai ki bi ta.

In hedimasta ya nemi kason ajin gaba ɗaya, kada ki tara kason yara ki raba da 40. Ki tara AA duka, ki tara AB duka, ki raba. A misalinmu yara 39 masu kwana 22 sun ba da 858, ki ƙara 14 na yarinyar, 872. In jimillar zuwa 741 ce, kason aji 85 ke nan. A wata ɗaya bambancin hanyoyin biyu ɗan kaɗan ne, a ƙarshen zango yake girma. A ce yaro ya zo kwana 5 cikin 10 a Satumba, ya zo 22 cikin 22 a Oktoba. Mai tara kashi 50 da 100 ya raba biyu zai rubuta 75. Gaskiyarsa 27 cikin 32, wato kashi 84.4, domin Oktoba ta fi Satumba nauyi fiye da ninki biyu.

Bayan kin fitar da kason, ki koma ki karanta layin yaron da kansa, don lambar ita kaɗai ba ta faɗin dalili. Yara biyu za su iya fitowa da 17 cikin 22, kashi 77.3 kowannensu. Na farko sifirinsa biyar a jere suke, daga Litinin zuwa Juma'a, wannan ciwo ne, ko tafiya, ko an kai shi gona aikin girbi, kuma galibi ya wuce. Na biyu sifirinsa sun faɗa 2, 9, 16, 23 da 30 ga wata, duka Laraba. Lokacin da na koyar a wata makarantar ƙauye da kasuwarsu ke ci ranar Laraba, irin wannan layin talla ne ko rakiyar uba kasuwa, kuma haka zai ci gaba kowane wata har sai an zauna da iyayen. Shi ya sa nake rubuta sunan rana a layi na 3, kwanan wata a layi na 4, a saman kowane gida. Jimillar ƙasa ma ki duba ta da wannan idon, musamman ta Juma'a, ki gani ko ajin duka ne yake raguwa.

Na ƙarshe, yaron da ya ɗauke ƙafa mako biyu ko uku ba labari, ki ci gaba da sa masa 0, kada ki cire shi da kanki. Ki kai sunansa ga hedimasta a aika gidansu. Sai ya tabbatar an cire shi, ya ba ki ranar, sannan ki fara sa X daga wannan ranar zuwa gaba.