Hoton waya: me ya sa rubutun fuskarta yake hargitsewa?

"Ina haɗa hotunan tallar wayoyin da nake sayarwa a Farm Centre da manhajar ƙirƙirar hoto, amma rubutun da ke kan fuskar wayar sai ya fito kamar tsakurar kaji, ga kuma ƙyalli. Ina mafita?"

Alhaji, manhajar ba rubutu take yi ba, kamannin rubutu take zanawa. Shi ya sa za ka ga agogo da lamba biyar a jere, sunayen manhajoji kuma ba su karantuwa. Kada ka wahalar da kanka wajen gyara su, ka hana ta rubutun tun farko da wannan umarnin:

```
smartphone, blank matte grey screen, no text, no icons, soft side light
```

Na fi son toka-toka a kan baƙi. In ka ce a kashe fuskar, sai ta mayar da ita madubi, ta manna mata hoton taga ko farin layi a karkace. Haske mai laushi daga gefe shi ke rage wannan.

Daga nan sai ka ɗauki hoton fuskar wayar ta gaskiya, ta hanyar danna maɓallin kunnawa da na rage sauti tare in Android ce, ka ɗora shi a gurbin da Canva ko Photoshop. Ka lura da tsayi da faɗi: yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu 20:9 ne, iPad na gama-gari kuwa kusan 4:3. In ka cusa na waya a kan fuskar iPad, gumaka masu zagaye za su koma kamar ƙwai.

Kafin ka saka a shafinka, ka zuƙo hoton ka duba kusurwoyi huɗu da ramin kyamarar gaba, domin nan ɗorin yake fara tona kansa.