Kalmar ta fi gurbin tsawo

"Ina gyara wata fasta a Photoshop, zan cire KASUWA in sa MAKARANTA, amma ta ƙi shiga gurbin. Yaya zan yi?"

Malam, harafi 9 a gurbin 6 ba zai shiga da matsi kaɗai ba. Fara da Tracking, wato tazarar da ke tsakanin haruffa, a cikin akwatin Character, ka sa -25, iyaka -50. In ka wuce haka haruffa za su manne, kowa zai gane an taɓa. Sannan ka ajiye alamar rubutu tsakanin T da A ka danna Alt da kibiyar hagu, domin akwai fili a ƙarƙashin hannun T da za ka ci. Sauran kuma ka rage girman rubutun. Horizontal Scale, wato faɗin haruffa, kada ya sauka ƙasa da 95%, in ba haka ba sandunan tsaye su sirance.