Yaron da ya iya rera jadawalin ninkawa amma ba ya iya amsa shida sau bakwai

Assalamu alaikum. Ɗana yana aji uku na firamare. Idan aka ce ya rera jadawalin ninkawa zai rera tsaf tun daga farko har ƙarshe, amma da zarar na tambaye shi shida sau bakwai sai ya yi shiru, ko ya koma farko, ko ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa. Don Allah wane irin atisaye zan riƙa yi masa a gida?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya raya mana shi. Na daɗe ina koyar da 'yan aji uku da huɗu, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki hana shi rerawar. Waƙar tana da amfani, sai dai a yanzu a bakinsa kawai take, ba ta haɗu da ido da hannu ba. Aikinki shi ne ki ɗaure kowace lamba da yake rerawa da abin da zai gani a takarda, da yatsan da zai ɗaga. Minti 15 a rana ya isa, bayan la'asar ko bayan magariba, kuma jadawali ɗaya a mako. Tunda shida kika ambata, bari mu yi da shida.

Ki samo littafin lissafi mai gida-gida, domin ɗigo ɗaya ya shiga gida ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A farar takarda ɗigon yara karkacewa yake yi, wani layi ya zo da 6 wani da 7, yaro ya ƙirga ya samu amsar da ba daidai ba, ya daina yarda da zanen gaba ɗaya. Ki ce ya ɗiga 6 a layi ɗaya, ya rubuta 6 a ƙarshen layin ta dama. A ƙasansa ya sake ɗiga 6 daidai saitin na sama, ya rubuta 12. Haka zai yi ta yi: 18, 24, 30. Da ya cika layi biyar ya ja dogon layi a ƙasansu da jan biro, sannan ya ci gaba: 36, 42, 48, 54, 60. A ranar farko ki bar shi ya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya idan yana so, don ya tabbatar da kansa cewa 18 ɗin da yake rerawa da gaske ɗigo 18 ne. Shi zai zana, ba ke ba.

Sai rerawa. Ba wadda ya saba ba ta "shida sau ɗaya shida, shida sau biyu sha biyu", wannan ta yi tsawo kuma amsar tana ɓuya a cikinta. Lambobin kawai za ku faɗa: shida, sha biyu, sha takwas, ashirin da huɗu, talatin. Ke kina tafi ɗaya ga kowace lamba, shi kuma yana sa yatsa a kan layin ɗigon da ake faɗa. Ki kula da tafin, domin lambobinmu ba tsawonsu ɗaya ba. "Shida" gajere ne, "arba'in da takwas" dogo ne, yaro kan so ya ba doguwar lamba tafi biyu, daga nan lissafinsa ya zarce da ɗaya. Ki rage sauri yadda mafi tsawon lamba zai shiga tafi ɗaya ba tare da an haɗiye shi ba. Idan da Turanci ake yi musu a makaranta, ku yi zagaye ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci a kan zane ɗaya, ba ya rikita su.

A rana ta biyu ko ta uku ki rufe takardar, yatsun hannu su maye gurbin layukan. Shida, ya ɗaga yatsa ɗaya. Sha biyu, yatsa biyu. Da ya kai talatin hannu ɗaya ya cika, ku ɗan tsaya a nan ku ja numfashi, sannan ɗaya hannun ya ɗauka daga talatin da shida. Wannan tsayawar a kan biyar ita ce zuciyar atisayen gaba ɗaya, kuma ita ce maganin komawa farkon da yake yi.

Ga yadda take aiki. Kin tambaye shi shida sau bakwai, wato shida har sau bakwai, layi bakwai kowanne da ɗigo shida. Ki ce ya nuna miki layi bakwai a zanensa, ya rufe sauran da tafin hannu. Zai ga layi biyar a saman jan layin nan, biyu a ƙasa. Ki tambaye shi na saman nawa ne. Talatin, ya riga ya sani, nan ne wurin jan numfashi. Na ƙasan fa? Layi biyu, sha biyu. Sai ya rubuta a gefe:

30 + 12 = 42

Bai fara daga shida ba, kuma bai yi canki-canki ba. Idan kina da kiret ɗin ƙwai a gida ki ɗauko masa, layi biyar ne na gida shida-shida, 30 cif. Yaron da ya taɓa riƙe kiret ya ƙirga gidajensa da wuya ya manta shida sau biyar. Daga nan sai ki ce masa kiret ɗaya da ƙarin layi biyu, ƙwai nawa ke nan? Shida sau takwas ma haka ne, 30 da layi uku, wato 30 + 18 = 48. Shida sau tara kuwa ta ƙasa ya fi sauƙi: layi goma 60 ne, a rufe layi ɗaya da yatsa, 60 − 6 = 54. Kullum ina sa yara su faɗi hanyar da suka bi da bakinsu, ko da amsar ta yi daidai, saboda a nan nake gane wanda ya gani da wanda ya ci sa'a.

Akwai abu ɗaya da yara ke jin daɗinsa a wannan zanen. Ki ce ya duba lambobin ƙarshe na layi biyar na sama: 6, 2, 8, 4, 0. Ya duba na ƙasa, su ne suka sake dawowa: 36, 42, 48, 54, 60. Ki bar shi ya gano da kansa, kada ki riga shi faɗa. Daga ranar, idan ya ce shida sau bakwai 43 ne, shi da kansa zai ji ba ta zauna ba.

Wajen tsakiyar mako ki sa ya zana layi bakwai na shida a wata takarda daban, sannan ya juya takardar a kaikaice. Yanzu layi shida ne na bakwai-bakwai. Ya rera: 7, 14, 21, 28, 35, 42. Ba a ƙara ɗigo ba, ba a rage ba, don haka shida sau bakwai da bakwai sau shida abu ɗaya ne. Faɗa masa wannan da baki ba ya shiga kamar ya juya takardar da hannunsa. Kuma yana rage aiki sosai. Daga 1 zuwa 10 akwai tambayoyi 100, amma idan yaro ya riƙe jadawalin 1, 2, 5 da 10, sannan ya yarda da juyin takarda, abin da ya rage masa 21 ne kawai. Shi ya sa ba na bin jadawali a jere. Ina farawa da 2, 10, 5, sai 4 da 3, sai 6, 9, 8, in bar 7 a ƙarshe, lokacin da kusan dukkansa ya riga ya haɗu da shi a wasu wurare. Idan ɗanki bai riƙe 5 da 2 da kyau ba, ki koma kansu kafin shida, domin a kansu rabawar nan ta layi biyar da layi biyu take tsaye.

Yanzu ki saurari irin kuskuren da yake yi, kowanne da inda ya dosa. Idan kika ce shida sau bakwai ya ce 36 ko 48, waƙar lafiya lau take, yatsa ne ya zame, ya tsaya da wuri ko ya zarce. Ku koma tafi da yatsu a hankali. Idan ya ce 40 ko 44, lambar da ba ta cikin jerin shida sam, to waƙar ce ta tsinke, kuma yawanci a wurin tsallaka goma take tsinkewa, kamar daga 36 zuwa 42 ko daga 48 zuwa 54. Ki sa ya ƙirga ɗigon wannan layin kaɗai: huɗu su kai shi 40, biyu su kai shi 42. Idan kuwa ya ce 13, ya haɗa shida da bakwai ne, bai ga layuka a kansa ba tukuna. Wannan ya fi sauran nauyi. Ki ajiye waƙa na 'yan kwanaki, ki ba shi murafun kwalba ko tsakuwa ya jera ƙananan tambayoyi kamar uku sau huɗu, yana faɗin layi nawa ne kuma nawa ne a kowane layi.

Akwai kuma yaron da amsarsa kullum daidai ce, amma za ki ga laɓɓansa suna motsi yana ƙirga ɗigo ɗaya-ɗaya har 42. A makon farko ba laifi, bayan haka ya zama tarko. Ki sa takarda ki rufe ɗigon, ki bar layin farko na sama da ɗigon farko na kowane layi kawai suna leƙowa. Dole ya yi tsalle shida-shida tunda babu abin ƙirgawa.

Yadda nake raba mintunan: kamar 3 ga rerawa, wani zagaye gaba, wani baya daga 60 zuwa 6, wani kuma a fara daga talatin. Kamar 7 ga zane da rabawa, tambaya biyu ko uku kacal, a yi su da kyau. Sauran a yi tambayoyi a hargitse ba tare da takarda ba, ki cuɗa da na makon jiya don kada su shuɗe. Idan ya yi jim, ki ƙirga biyar a zuciyarki kafin ki yi magana, kuma kada ki ba shi amsar, ki ce masa "shida sau biyar nawa ne?" ya ɗora daga nan. Ni ba na sa agogo a gaban yaro a wannan matakin, na ga yadda yake mayar da masu tunani masu canki. Sauri yana zuwa da kansa idan hanyar ta zauna.

Ɗigon ma yana da iyakarsa. Da an wuce goma sau goma zanen ya zama wahala, yaro ya ƙare lokacinsa a ɗigawa. A lokacin sai ya zana akwati kawai mai kusurwa huɗu, ya rubuta 12 a sama, 7 a gefe, ya tsaga shi gida biyu, na 10 da na 2. Ɗaya gidan 70, ɗayan 14, jimilla 84. Rabawar da ya saba yi da jan layin nan ce, babu sabon abu. Amma kada ki kai shi can sai ranar da kika tambaye shi shida sau takwas kina tsaka da girki, babu takarda babu yatsa, ya amsa, kika ce ta yaya, ya ce miki talatin da sha takwas.