Gano rubutun na'ura ta hanyar sauya wa sakin layi kalmomi

Malam Sani daga Maradi ya tambaya: "Yaya DetectGPT ke gane rubutun na'ura alhali ba a horar da shi ba?"

Malam, dabarar ta fito ne daga jami'ar Stanford a 2023. Za ka ɗauki sakin layin, ka goge wasu kalmomi, ka sa wata manhajar harshe mai suna T5 ta cike gurbinsu, har ka sami kwafi kamar 100 masu ma'ana ɗaya. Sai manhajar da kake zargi ta ba kowanne maki, wato yadda take ganin yiwuwar jerin kalmominsa. In ita ta rubuta, na asalin zai zarce kwafin sosai, domin kalmomin da ta fi so ta jera, yawancin sauye-sauyen ragi ne. Rubutun mutum kuwa, wani kwafin ya hau, wani ya sauka.

Amma da Hausa, ni dai ba zan kama ɗalibi da shi ba. In mai cike gurbin bai ƙware a harshen ba, shirme zai zuba, makin kwafin ya faɗi ko da mutum ne ya rubuta.