Gasar gem a gidan kallo: ka fara lissafa lokaci kafin ka rubuta sunaye

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in haɗa ƙaramar gasar PES a gidan kallon unguwarmu a Marwa. PS4 ɗaya gare mu, masu son shiga kuwa sun kusa ashirin. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na haɗa irin wannan sau da dama a Garwa, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne agogo. Gasata ta farko mutum 16 ne, na raba su rukuni huɗu kamar na kofin duniya. Kowane rukuni wasa shida, ka ga 24 ke nan, sai bakwai na zagayen cire-cire, jimla 31. Na sa Match Time a minti 10, amma da zaɓen kulob, da jera 'yan wasa, da canji, da kallon maimaicin ƙwallo, kowane wasa sai da ya ci rubu'in awa. Kusan awa takwas ke nan a talabijin ɗaya. Mun fara bayan azahar, aka kira isha'i ba mu gama rukuni ba, yara suka watse, mai gidan kallo ya ce masu kallon Real Madrid sun iso, mu ɗaga masa wuri.

Da na'ura ɗaya, ka yi wanda aka ci ya fita. Mutum 16 wasa 15 ne, awa huɗu ba rubu'i, kuma hakan zai shiga tsakanin azahar da magariba idan an fara da wuri, har da tashi sallar la'asar. In ashirin ɗin sun cika, a jefa ƙuri'a a fitar da takwas su buga wasa huɗu na share fage tun ana gobe. Huɗun da suka ci su haɗu da sauran 12. Ƙuri'ar a gaban kowa za a yi ta, sunaye a takarda cikin hula, yaro ƙarami ya zaro. Maganar ranar da za a yi gasar kuma ka tambayi mai wurin, don Asabar da Lahadi kasuwarsa ce, Talata da Laraba da dare akwai kofin zakarun Turai. Litinin ta fi sauƙin samu, ko makon da manyan lig suka tafi hutun wasannin ƙasashe.

Dokoki ka rubuta su a allo kafin bugun farko. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta ɗauke wuta, domin za a ɗauke, kuma ko an tayar da inji wasan ya riga ya tafi. Ka sa mutum guda wanda ba ya cikin gasar ya zauna da littafi yana rubuta ci da minti. Misali ana 2-1 a minti na 60 wuta ta tafi: a buɗe sabon wasa da kulob ɗin da kowa ke riƙe da shi, a buga har agogon gem ya nuna 30, a tsaya a haɗa da 2-1 ɗin. Mu da ba mu yi wannan ba a farko, wanda ake ci ya dage sai an sake daga sifili, rigimar ta kai har bakin titi. Sauran masu sauƙi ne: ba a danna Pause sai ƙwallo ta fita, canjaras a tafi fenareti kai tsaye ban da ƙarin lokaci, babu kulob ɗin da aka yi wa gyara a Edit. Manet ɗin kuma, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga gem da shi, a gwada su: ka sake sandar hagu, in ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai, ta lalace, a ajiye ta. A bar su jone da waya don kada caji ya ƙare.

Maganar kuɗi ka kula da ita sosai. Na taɓa karɓar sefa 500 a hannun kowa, jaka takwas, na ce zakara zai ɗauki rabi. Wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, mene ne bambancinsa da caca?" Na ga gaskiyarsa. Tun daga nan kuɗin shiga na hayar wuri ne da man inji kaɗai, na rage shi zuwa 250, kyauta kuwa wani mai shago a layinmu ke bayarwa, rigar Coton Sport ko katin waya, mu kuma mu ambaci shagonsa kafin wasan ƙarshe. Ka je ka gaida mai unguwa ka sanar da shi, sannan ka rufe karɓar suna kwana biyu kafin ranar, don ka san ko za a yi share fage.