Shafina yana tsayawa ya ce 504: in sayi babbar saba?

Tambaya: Malam, na yi wa wata makaranta shafin sakamakon jarrabawa da PHP da nginx. In aka danna a fitar da na makaranta baki ɗaya, sai ya yi ta juyi, can ya nuna 504 Gateway Time-out. In ƙara kuɗi in sayi babbar saba?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ɗauki agogo ka danna maɓallin nan. In a daƙiƙa 60 cif saƙon ya fito, to wa'adi ne ya cika. Nginx ɗan aike ne tsakanin burauza da PHP. Yana miƙa buƙata ya zauna jira, kuma in ba a canja ba, fastcgi_read_timeout daƙiƙa 60 ne. Shiru yake ƙirgawa, wato tsawon lokacin da PHP bai turo ko harafi ɗaya ba. Duba error.log, za ka ga:

```
upstream timed out (110: Connection timed out) while reading response header from upstream
```

Za ka ce ai max_execution_time na PHP daƙiƙa 30 ne, me ya hana shi yanke aikin tun da wuri? A Linux, zaman jiran rumbun bayanai ba ya shiga wannan lissafi. Shi kuwa request_terminate_timeout, wa'adin yanke aiki na PHP-FPM, manhajar da ke kula da ma'aikatan PHP, a kashe yake zuwa.

Nan ne abin ya fi damuna. Nginx ya haƙura ya tafi, amma PHP bai sani ba, yana can yana jiran rumbu. Malamin makarantar ya gaji ya sake dannawa, na kusa da shi ma ya danna. Kowace dannawa ta riƙe ma'aikaci guda, kuma in pm.max_children, wato iyakar yawan ma'aikatan, biyar ne, dannawa biyar ta cinye su duka. Daga nan har shafin shiga, wanda ba ruwansa, sai ya tsaya. In ka ga 499 a access.log, mai burauzar ne ya rufe kafin nginx ya gaji.

Ka jera wa'adin, na ciki ya riga na waje cika: PHP-FPM ya yanke a daƙiƙa 50, nginx a 60, manhajar waya in akwai a 70. Lambar kuskuren za ta iya komawa 502, amma ma'aikacin ya kuɓuta. Kada ka mai da 60 ta zama 600, jiran kawai ka tsawaita.

Sai ka kunna request_slowlog_timeout a daƙiƙa biyar, ka kuma saita slowlog, fayil ɗin da zai rubuta a ciki, ya nuna maka layin da aikin ya maƙale. Sau da yawa tambaya ce ga rumbu marar fihirisa, ko tambaya ɗaya da ake maimaitawa kan kowane ɗalibi. In ka gyara kuma aikin bai daina nauyi ba, a riƙa haɗa sakamakon a bayan fage, malami ya dawo ya sauke. Ka sayi babbar saba ne in bayan wannan `top` ya nuna CPU ko RAM a cike lokacin da mutane suka yi yawa.