Hukuncin ɓoye abin da aka zuba a man shafawa

Tambaya: Malam, ina haɗa man shafawa ina sayarwa a Kano. Man kaɗanya ne da zuma da kurkum, sai tub biyu na wani man kanti mai sa haske. A talla nakan rubuta: "Zallar gargajiya ne, yana kashe ƙyasbi da ƙuraje cikin kwana 3." Sirrin sana'ata ne. Da laifi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Sayar da man kaɗanya halal ne, amma wannan talla haramun ce.

Cewa "zallar gargajiya" alhali da tub a ciki algus ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai ɗora shi sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai Risala kuma ya hana mai sayarwa ɓoye abin da mai saye zai ƙi hajar in an faɗa masa. To, ki tambayi kanki: mace nawa za ta fasa in ta san da tub?

Kuma fasawar tana da dalili. Da yawa daga irin waɗannan tub ɗin sitiroyid ne ke ciki, kamar kulobetasol, maganin da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Da farko fata takan yi haske, ƙaiƙayi ya lafa. In aka daɗe sai ta sirance, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ranar da aka daina ƙuraje su dawo. Ƙyasbin da kike wa alkawari kuwa sitiroyid ba ya kashe shi, lulluɓe shi yake yi yana yaɗuwa. Abin yana ci mini rai, don da yawa masu shafa wa jarirai. Shi ya sa nake ganin faɗa wa mai saye kaɗai bai wadatar ba: cire tub ɗin wajibi ne, domin ba cuta ba cutarwa, kuma hukumar NAFDAC ta hana sitiroyid a man kwalliya.

"Kwana 3" kuma wa ya gwada? Shaidar ƙawa ɗaya ba ilimi ba ce, Allah kuwa ya hana bin abin da ba a da iliminsa (Isra'i: 36).

Sirrin sana'a yana cikin awo da yadda kike haɗawa, wannan ki riƙe abinki. Sunayen kayan haƙƙin mai saye ne. Ki rubuta misalin haka: "Man kaɗanya, zuma, kurkum. Yana laushin fata. Ba magani ba ne. A gwada a hannu a jira kwana ɗaya. In ya yi ja ko ƙaiƙayi a daina. Kurkum yana rina tufa."

Waɗanda suka riga suka saya ki sanar da su, wadda ta daɗe tana shafawa ta ga likita kafin ta yanke, wadda ta nemi kuɗinta ki mayar mata. Wallahu a'alam.